Tsayina ƙafa biyar da inci huɗu, kilo nawa ya kamata in kasance?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na je asibiti a duba min jini, kafin in ga likita nas ta ɗora ni a sikeli ta ce kilo 74 nake, ta rubuta wata lamba a kati, ta ce min "Hajiya sai an rage." Layi ya yi tsawo ban samu na tambaye ta a rage zuwa nawa ba. Tsayina ƙafa biyar da inci huɗu, shekaruna 36, yara huɗu. Na ji ana cewa akwai lissafin BMI da ke nuna nauyin da ya dace da tsayin mutum. Don Allah wanda ya iya ya nuna min yadda ake yi, ba amsar kawai ba, domin maigidan ma yana so ya duba nasa.

DanBirni_88:
Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi Hajiya. Tsayinki a mita 1.62 ne. Ki ninka shi biyu ya zama 3.24, sai ki raba 74 da shi. Na danna a waya ya ba ni 22.8. Lafiyayye daga 18.5 ne zuwa 24.9, kin ga kina tsakiya. Ki ci tuwonki ki kwanta, nas ɗin ce ta so tayar miki da hankali.

Gwaggon_Yara:
To kin ji. Ni dama na ce mace mai 'ya'ya huɗu a ce ta rage me? So ake ki koma kamar wadda ta tashi daga jinya, dangin miji su ce ba ya ciyar da ke?

MalamLissafi:
DanBirni, iyakokin da ka faɗa daidai ne, amma ka yi tuntuɓe a wuri guda, kuma wurin ne ke juya amsar gaba ɗaya. Ba ninkawa biyu ake yi ba. Tsayin ake bugawa da kansa, wato 1.62 sau 1.62, ba 1.62 sau 2 ba. Ga yadda yake:

```
BMI = kilo ÷ (mita × mita)
1.62 × 1.62 = 2.62
74 ÷ 2.62 = 28.2
```

Saboda haka Hajiya tana kan 28.2, ba 22.8 ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya haura, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da likitoci ke ɗauka a matsayin lalura. Nas ɗin tana da gaskiya.

Amma abin da Hajiya ta tambaya ba lambar BMI ba ce, kilo nawa ya dace da ita. Wannan sai a juya lissafin. Waccan 2.62 da muka samu, ki riƙe ta, taki ce muddin tsayinki bai canja ba. Ki buga ta da 18.5, za ki samu kusan kilo 48 da rabi, shi ne ƙasan. Ki sake buga ta da 24.9, za ki samu kilo 65 da ɗan ɗori, shi ne saman. Duk inda kika tsaya tsakanin 49 da 65, ma'aunin ya ce kina daidai. In kuma kika buga ta da 30, za ta ba ki kusan 79, nan ne ƙibar take farawa. Yanzu kina tsakanin 65 da 79, kin fi kusa da 79.

DanBirni_88:
Malam ai bambancin ba shi da yawa, 3.24 da 2.62.

MalamLissafi:
Bambancin ne ya ɗauke ta daga rukuni guda ya kai ta wani. Hanyarka za ta yi daidai ne kawai ga mai tsayin mita biyu cif, domin 2 sau 2 da ninkin 2 duk huɗu ne. Mu nawa ne a nan muka kai mita biyu?

Maman_Ilham:
Innalillahi. Kilo tara kenan zan zubar kafin in kai 65? Malam, ni rabon da in ga 65 tun kafin haihuwar fari. Kuma 49 ɗin nan ai in na kai can sai an kwantar da ni.

Nas_Hadiza:
Anti kwantar da hankalinki, ba wanda ya ce ki nufi 49. Tazarar tana da faɗi ne da gangan, kilo goma sha shida tsakanin ƙasa da sama, saboda mutane masu tsayi ɗaya ba ƙirar jiki ɗaya gare su ba. Wata mai siririn ƙashi ce za ta zauna lafiya a 52, wata mai faɗin kafaɗa da ƙugu 64 ne nata. Ba a cewa tsakiyar ita ce ta fi kyau.

Kafin ma a je nan, ina da tambaya. Ƙafa biyar da inci huɗun nan, auna ki aka yi ko kin saba faɗa ne? Ina tambaya ne domin a wurin aiki kusan duk wanda na tambaya tsayinsa sai ya ƙara wa kansa, wasu kuma da takalmi da ɗaurin ɗankwali aka auna su tun a makaranta. Tunda tsayin da kansa ake bugawa, ɗan kuskure yana girma. In ke 1.62 ce kika rubuta 1.65, iyakar saman taki za ta tashi daga 65 zuwa kusan 68, kin ba wa kanki kyautar kilo biyu da rabi da ba naki ba.

Ki cire takalmi da ɗankwali, in kin tufke gashi a tsakiyar kai ki kwance. Ki jingina da bango a inda ƙasa take shafaffiya, dugadugai da baya su taɓa bangon, ki kalli gabanki sak ba sama ba. Wani ya ɗora littafi mai tauri a kanki a kwance, ya ja layi da fensir a ƙarƙashinsa, sannan a auna daga ƙasa zuwa layin da tef ɗin tela. Ɓangaren santimita za a karanta. In ya nuna 162, shi ne mita 1.62.

Nauyin ma haka. Da safe bayan kin zaga, kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi. Hijabi da zani da jaka a hannu da rana tsaka bayan an ci abinci, za su iya ƙara miki kilo ɗaya ko fiye. Kuma a riƙe sikeli ɗaya, a ajiye shi a kan siminti ko tayil, ba a kan kafet ba.

Sadauki_Dawanau:
Ni fa wannan lissafin ban yarda da shi ba. Tsayina 1.70, kilo 78, an lissafa min an ce 27, wai nauyina ya haura. Ni da nake sauke buhunan masara daga kan tirela tun safe har la'asar? Ku zo ku nemo kitse a jikina. Wandona ma sai da bel.

Nas_Hadiza:
Sadauki, kai kam ƙorafinka a kan hanya yake. Sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai san ruwa ba, jimilla kawai yake faɗa. Masu dako, 'yan dambe, 'yan kokawa da masu ɗaga ƙarfe sukan haura 25 ba tare da teɓa ba. Haka mai kumburin ƙafa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, nauyinsa zai hau alhali ruwa ne. Shi ya sa muke haɗawa da awon ƙugu. Ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce: zagayen cikinka kada ya kai rabin tsayinka. Kai mai santimita 170, ya tsaya ƙasa da 85. Amma ba inda wando yake zama za ka auna ba, maza da yawa wandonsu a ƙarƙashin tumbi yake. Ka laluba ƙashin haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, tsakiyarsu za ka zagaya da tef, kusa da cibiya ko sama da ita kaɗan, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka shanye ciki ba.

Sadauki_Dawanau:
Yanzu yaron shagon tela ya auna ni, 80 ne. Kun gani ko? Na ci gari.

Oga_Ofis:
Nima 27 ɗin nake, kenan nima tsoka ce 😂

Sadauki_Dawanau:
Kai da ke zaune a kan kujera mai juyawa kana shan lemon kwalba? Je ka auno cikin mu ji.

Bashir_Birmingham:
Bari in ƙara wani abu da zai iya rikita zancen. A nan Ingila likitata ba ta amfani da 25 da 30 a kaina. Hukumar NICE, wadda ke tsara wa likitocin nan ƙa'idojin aiki, ta ce ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya da Larabawa a sauko da iyakokin: daga 23 nauyi ya haura, daga 27.5 ƙiba ce. Dalilin da aka ba ni shi ne ciwon sukari yana kama mu a nauyin da bai kai na Turawa ba. In aka bi wannan, Maman Ilham, 2.62 sau 23 kusan kilo 60 ne, sau 27.5 kuma kusan 72. Ma'ana a 74 an riga an sa ki a rukunin ƙiba.

Gwaggon_Yara:
Kai Bashir ka ji tsoron Allah. Ɗazu tara, yanzu ka mayar da shi goma sha huɗu. Gobe wani zai zo daga Amurka ya ce ashirin.

MalamLissafi:
Lissafin Bashir daidai ne, amma ban san asibitocinmu da yin aiki da shi ba. Katin da nake gani a bangon asibiti a nan na 25 da 30 ne. Kuma ni a ganina a tuna cewa waɗannan lambobin layi ne da mutane suka zauna suka ja. Asalin lissafin ma wani masanin ƙididdiga ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi a ƙarni na 19, kuma ba likita ba ne, jama'a yake aunawa a dunƙule. Sunan da muke kiransa da shi yanzu sai a 1972 Ancel Keys ya yaɗa shi. Haɗarin hawa yake yi a hankali yayin da nauyi ke ƙaruwa. Mai 24.8 da mai 25.2 babu wani abin kirki da ya raba su, illa ɗaya ya tsallaka layi a takarda.

Bashir_Birmingham:
Na yarda layi ne aka ja, Malam. Amma in jininmu ɗaya da na gida, me zai sa iyakar ta shafe ni a nan ta ƙi shafar ƙanwata a Zariya?

Nas_Hadiza:
Tambayar tana da ƙarfi. Sai dai rayuwar ba ɗaya ba ce, abinci da zirga-zirga sun bambanta, kuma an gina waccan shawarar ne a kan mutanen da ke zaune can. Ni abin da nake yi a aikace shi ne, wanda ya zo min da 23 ko 24 ba na ce masa yana da matsala, amma in cikinsa ya wuce rabin tsayinsa, ko akwai mai sukari a gidansu, sai in ce a gwada masa sukari da jini, ba na jira sai ya kai 25. Ina ganin marasa ƙiba da yawa masu sukari, hannu da ƙafa sirara, ciki ne kawai a gaba.

Issoufou_Damagaram:
Mu a Nijar IMC muke ce masa, amma lissafin ɗaya ne, kuma mun huta da wahalar ƙafa da inci domin da mita ake auna mu tun farko. Abin da nake gani 'yan uwanmu na Najeriya suna yi shi ne su rubuta 5.4 a waya suna nufin ƙafa biyar da inci huɗu. Ba ɗaya ba ne, inci goma sha biyu ne a ƙafa, ba goma ba. A mayar da duka inci tukuna: biyar sau 12 sittin, a ƙara huɗu 64, a buga da 2.54, ya ba da santimita 162 da rabi. Wanda ya ce shi ƙafa biyar da inci goma ne ya rubuta 5.10, waya za ta karanta masa 5.1, ta gajarce shi da fiye da santimita ashirin.

Tsofaffin malaman asibitinmu kuma suna da wata gajeriyar hanya, a cire 100 daga tsayi. Mai 162 ya zama kilo 62.

MalamLissafi:
Wannan ta cire ɗari ba ta da laifi a matsayin kintace, 62 tana cikin tazarar Hajiya. Matsalarta lamba ɗaya take bayarwa, sai mutum ya ɗauka in bai dira a kanta ba ya faɗi. Kuma ga dogaye tana kai su bakin iyaka: mai 190 za ta ba shi 90, wanda BMI ɗinsa 24.9 ne cif.

Ummi_Amarya:
Ni tawa matsalar akasin ta Anti ce. Biki saura wata biyu, ƙawaye sun ce na cika rama, wata ta kawo min ƙwayoyin sha-ka-fashe. Tsayina 1.58, kilo 50. In sha?

Nas_Hadiza:
Ummi kada ki sha, don Allah. Yi lissafin da kanki: 1.58 sau 1.58 kusan 2.5 ne, ki raba 50 da shi, 20 kenan. Tazararki daga kilo 46 ne zuwa 62, kina ciki, ba ki da ramar da za a yi wa magani. Irin waɗannan ƙwayoyin sau da yawa akwai deksametason a ciki, maganin da ake bayarwa don wasu cututtuka na daban. Abin da yake yi shi ne ya tara ruwa da kitse a fuska da ciki da bayan wuya, fuska ta kumbura kamar faranti, fata ta yi nankarwa, sukari da jini su hau. In kuma mutum ya daɗe yana sha, tsayar da shi farat ɗaya ma haɗari ne, sai likita ya janye shi a hankali. In kin riga kin fara, ki faɗa min tsawon lokacin.

Ummi_Amarya:
Ban fara ba Anti, suna cikin jaka.

Dogo_Funtua:
To ni fa? 1.78, kilo 55. Na buga ya ba ni 17.4. Bara 63 nake. Ina ci, amma ba ya zama.

Nas_Hadiza:
Dogo, naka ya fi na kowa a nan buƙatar gaggawa. Ƙasan tazararka kusan kilo 59 ne, kana ƙasa da shi, amma abin da ya fi damuna kilo takwas ɗin da suka tafi ba tare da ka nema ba. Wanda tun tasowarsa siriri ne daban, wanda yake zubewa daban. Ka je asibiti cikin satin nan a gwada sukari, kuma in kana tari fiye da mako biyu ko gumin dare, ka faɗa musu a duba tarin fuka. Kada ka tsaya neman abincin ƙiba tukuna.

Baban_Khalifa:
Na gwada wa ɗana mai shekara tara ya fito 15. Kenan yana da rama sosai? Uwarsa har ta fara kuka.

MalamLissafi:
A ba ta haƙuri, waɗannan iyakokin na manya ne. Yara ana lissafa musu lambar haka, amma ana duba ta ne a jadawalin shekaru, na maza daban na mata daban, domin jikinsu yana canjawa yayin girma. 15 a ɗan shekara tara ba abin tashin hankali ba ne. In kuna da shakka ku kai shi a duba a jadawalin. Haka mai ciki ma ba ta amfani da wannan tazarar, nauyinta na kafin ciki ake dubawa.

Gwaggon_Yara:
Ni dai har yanzu ban ga wanda ya amsa min ba. Kakata ta fi kilo tamanin, ta haura shekara tamanin, ba ta taɓa shan maganin hawan jini ba.

Oga_Ofis:
Gwaggo an taɓa gwada ta ne? 😅 Af, na auno cikin. 98 ne, tsayina 172. Sadauki kada ka ce komai.

Maman_Ilham:
Na dawo. Mun bi yadda Nas Hadiza ta ce, Ilham ta ɗora min littafi a ka. 161 ya nuna, ba 162 ba. Da safen nan sikelin maƙwabciya ya ba ni 73. Ƙugu kuma inci 36, tef ɗin nawa ɓangaren santimitar ya goge. Na buga 1.61 sau 1.61 na samu 2.59, na raba 73 da shi ya dawo min da 28.2 ɗin dai. Na maigida kuma, shi 1.75 ne, na samu daga 57 zuwa 76, yana 71, sai dariya yake min. Yanzu wanne zan bi, 65 ɗin Malam ko 60 ɗin Bashir?

MalamLissafi:
Lissafinki ya fita tsaf, na maigidan ma haka. Da sabon tsayin, saman naki ya koma 64 da rabi.

Nas_Hadiza:
Inci 36 santimita 91 ne da ɗan kai, rabin tsayinki kuma 80 da rabi, wato kusan inci 32. Kin ga awon biyu sun yi magana ɗaya, ba irin na Sadauki ba ne da suka saɓa. Ni ba zan ce ki sa 60 ko 64 a gaba yanzu ba. Abin da aka sani shi ne rage kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyin mutum yana taɓa hawan jini da sukari tun kafin a shiga tazarar. A wurinki kilo uku da rabi ne zuwa bakwai, wato ki sauko tsakanin 66 da 69. A hankali, kamar rabin kilo a mako, ba shayin rage ƙiba mai sa gudawa ba, wannan ruwa yake zubarwa ya dawo. In kin kai can ki sake auna ƙugun da jinin, su za su gaya miki ko a ci gaba. Me jinin ya nuna ranar da kika je?

Maman_Ilham:
138 bisa 88, likita ya ce in dawo bayan wata ɗaya a sake gwadawa.

Bashir_Birmingham:
Da wannan jinin da wannan ƙugun, ni dai ina nan a kan 60, ko da a hankali ne.

Gwaggon_Yara:
66 ma ya isa haka. Ilham, in kina karantawa, ki ɓoye tef ɗin nan kafin a fara auna ni.

Dogo_Funtua:
Nas Hadiza, tarin ya kai wata guda. Gwajin da azumi ake zuwa ko zan iya karyawa?

Nas_Hadiza:
Na tarin ba ya buƙatar azumi, majina za su karɓa. Na sukarin ne wani lokaci ake so a zo ba a ci komai ba, saboda haka ka je da sassafe kafin ka karya, ka riƙe abincinka a leda. Gobe, Dogo, ba jibi ba.